Rahoton Ayyukan Shekara: Goyon Furuci da Atisayen Rubutun Sauti

Assalamu alaikum, 'yan ƙungiya. Bana kwamitin ilimin furuci ya taƙaita aikinsa ga goyon furuci, wato ƙarin motsin da harshe ko leɓɓa ke yi a daidai lokacin da ake furta baƙi a gurbinsa na asali. Iri uku aka yi wa ɗalibai: ganɗantawa [ʲ], leɓantawa [ʷ] da hanɗantawa [ˠ].

Tsarin zaman bai canza ba. Mai karantawa yana kiran kalma 20, kowace sau uku, ɗalibai suna rubutawa da alamomin IPA, wato haruffan rubutun sauti na duniya, ba tare da sun ga allo ba, sannan kowa ya ɗauki madubi ya furta da kansa. Ba a sa karin sauti a wannan mataki, don kada hankali ya rabu biyu.

An fara da kalmomin da goyon ke bambanta ma'anarsu, kamar ƙarya [kʼaɽjaː] da ƙwarya [kʼʷaɽjaː], ko gara ta biki da gyara. Kuskuren farko shi ne rubuta [kʼw] da [gj] a kan layi, kamar baƙaƙe biyu ne a jere. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu. A madubi ma ana ganin leɓɓa sun riga sun kewaye tun kafin iska ta fito a ƙw, don haka sauti ɗaya ne, alamar kuma a sama take zama.

Inda aka fi shan wuya shi ne wurin da rubutun yau da kullum ba ya nuna komai. Baƙaƙen hanɗa k, g da ƙ suna ganɗantuwa da kansu kafin i da e, suna kuma leɓantuwa kafin u da o, amma ƙa'idar rubutu ba ta sa y ko w a nan. Kalmar kogi ta zame mana ma'auni. Ɗalibi mai bin ido zai rubuta [koːgiː], mai bin kunne kuwa [kʷoːgʲiː]. Ga yadda ake gwadawa: a yi shirin faɗin ko, a tsaya kafin a saki baƙin, a duba leɓɓa, za a tarar sun tsuke. A yi haka da gi, za a ji doron harshe ya matso gaba ya taɓa kusa da ganɗa, ba can baya inda ga take ba. Daga nan sai a kawo giwa da gwiwa. A gwiwa leɓantawa ta zo kafin i, inda ba a zata ba, shi ya sa dole a rubuta w.

Hujja mafi ƙarfi tana fitowa idan gaɓa ta rufe. Wasulan e da o suna gajarcewa su karkata zuwa a, amma goyon ba ya tafiya. Shi ya sa ake jin dogon kamar [doːgʷaŋ], keken kuma [kʲeːkʲaŋ]. Wanda ya yi musun akwai leɓantawa a dogo, a nan yake sakin gardama.

Wani ruɗanin daga suna ya taso. Sauyin t zuwa c a sata da sace, ko s zuwa sh a ƙasa da ƙasashe, shi ma ganɗantawa ake ce masa, sai wasu suka riƙa rubuta [tʲ] da [sʲ]. A can baƙin ne gaba ɗaya ya ƙaura zuwa wani gurbi, ya zama [tʃ] da [ʃ], ba goyo aka yi masa ba.

Hanɗantawa ba ta bambanta ma'ana a Hausa, don haka da Larabci aka koyar da ita. Lamun sunan Allah tana kauri bayan fataha ko rufu'a, kamar a wallahi, inda bayan harshe ke ɗagawa zuwa hanɗa, a rubuta [lˠ] ko [ɫ]. Bayan kisira, kamar a bismillahi, siririya ce. Waɗanda suka yi tajwidi sun kama nan take. Sauran kuma sukan turo leɓɓa su fitar da [lʷ], saboda kaurin sautukan biyu yana kama a kunne, kuma madubi ne ke raba gardamar.

Ba a kai ga leɓantattun baƙaƙen hanƙa na karin Sakkwato ba, irin ɗw a ɗwaci. Da su za a buɗe zaman baɗi, kuma ana roƙon 'yan ƙungiya masu wannan karin su zo su karanta jerin kalmomin da bakinsu.