Sanarwa kan bututun iska da bim na hawa na 2

Assalamu alaikum. Malam ɗan kwangila, na ga tambayarka kan yadda bututun iska zai wuce bim, kuma na leƙa wurin da safe. Bututun iskar mai zurfin milimita 400 ya ci karo da bim ɗin kankare a kan hanyar shiga. Don Allah kada kowa ya huda ko ya sassaƙe bim ɗin, rodin da ke ɗauke da nauyi a ƙasansa yake. (Na ga an riga an zana wurin huji da alli, a goge shi.) Bututun zai bi ta ƙarƙashi, a mai da shi 250 a zurfi, faɗinsa ya tashi daga 500 zuwa 800, don hanyar iska kada ta ragu. Silin ɗin wurin zai ɗan sauko. Ku dakata da aikin nan har zanen gyara ya iso gobe, in sha Allah.