Wasiƙa zuwa ga abokina kan aikin da aka sauya bayan intabiyu

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka cewa ka yi intabiyun aikin akanta, sai ga kamfanin ya sake fitar da tallar da ƙarin kula da sito, shekarun gogewa kuma sun tashi daga 3 zuwa 5. Shawarata ka tambaye su, amma a taƙaice.

Kafin ka rubuta, ajiye tallar farko kusa da sabuwar ka duba lambar gurbin da ranar rufewa. In lambar ba ta canza ba, galibi aikin nan ne aka yi wa gyara, wataƙila an haɗe kujeru biyu don kasafin kuɗi ya gaza, ko mai kula da sito ya bar aiki. In kuwa lamba da ranar rufewa duk sababbi ne, to an buɗe ɗaukar ma'aikaci daga farko, kuma takardunka na baya ba lallai su bi ka ba. A nan ake yin asara: mutum ya zauna jiran kira har a rufe.

Ka amsa a kan imel ɗin da aka gayyace ka da shi, don wanda zai karanta ya tuna ka nan take. Ga yadda zai kasance:

"Barka da aiki. Na gode da damar intabiyun aikin akanta da na samu ranar Talata. Na ga an ƙara kula da sito a sabuwar tallar, kuma har yanzu ina son aikin, domin na yi shekara 2 ina ƙidayar kaya duk ƙarshen wata a inda nake. Shin ina cikin waɗanda ake dubawa, ko sai na sake turo takardu? Na gode."

Ka lura tambaya ɗaya ce, wadda za a amsa cikin layi guda. Hujjar ma ɗaya ce, kuma dole ta zama gaskiya, don za su iya tambayar maigidanka. Kada ka tayar da zancen shekaru 5 da kanka, kada kuma ka tambayi dalilin sauyin, domin a rubuce yana fita kamar ƙorafi. Maganar albashi ta cancanta tunda nauyi ya ƙaru, amma ka bari sai sun ce kana ciki.

In kwanakin aiki 5 suka wuce shiru, ka tuna musu sau ɗaya. Ranar rufewa in ta matso ba amsa, tura sababbin takardu kawai, ka sa aikin siton a sama.

Ka gaida min mutanen gida.

Naka abokinka