Rahoton ayyukan shekara daga sakataren ƙungiya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tarurrukan wata sun gudana yadda aka saba, ban da na Agusta da ruwa ya hana.

Abin da ya fi faranta mini rai bana shi ne zaman yini guda da muka yi bayan ƙaramar salla kan ɗan ƙamus ɗinmu na kalmomin asibiti, wanda muke fassara takardun majinyata da shi. Tun hantsi ɗakin ya cika, har da lokotoro biyu da wata ungozoma da suka bar aikinsu suka zo. Muka baje takardun da majinyata ke dawowa da su daga Katsina da Kano, bayan an rufe sunayen masu su, muka bi su layi-layi. A wannan zama ne aka kashe gardamar shawara da ta daɗe tana raba mu. A bakin mutane, ido ya yi rawaya shawara ne, ciwon hanta shawara ne, zazzaɓin da ake yi wa rigakafi kafin tafiya shi ma shawara ne, alhali a takardar Turanci abu uku ne daban. Aka tsaya a kan cewa jondis alama ce, za a rubuta ta "rawayar ido", hefataitis kuwa "ciwon hanta" tare da harafin nau'insa. Kalmar shawara ita kaɗai ta shiga layin waɗanda aka hana. Idan kuma majinyaci ne ya ce yana da shawara, muna rubuta wa likitan can da Turanci, to a tambaye shi abin da ya gani a jikinsa, a rubuta wannan. Sanya wa cuta suna aikin likita ne.

Bayan azahar muka ɗauki takardar sallama ta wani dattijo mai ciwon suga. An rubuta masa metfomin miligiram 500, a gabansa bd, wato sau biyu a rana. Wannan bai ba kowa wahala ba. Wurin ranar komawa ne aka rubuta 3/12, mutum biyu a cikinmu suka karanta shi 3 ga Disamba. Ma'anarsa wata uku. Haka 5/7 kwana biyar ne, 2/52 mako biyu. Sai awon sugansa na safe kafin cin abinci, 9 mmol/L, alhali dakunan gwajinmu na nan sun fi ba da sakamako da g/L. Ana ninka lambar da 0,18, ya zama 1,62 g/L, wanda ya haura 1,26 da ake kama ciwon suga da shi. Wanda ya kwafe 9 tsurarta ba ma'auni ya jefa mai karatu cikin ruɗu. Dokar da muka kafa ke nan: a bar lambar asali da ma'auninta yadda suke, a sa wadda aka juya a gefe, sannan mutum na biyu ya karanta Hausar ba tare da ya ga Turancin ba, ya faɗi abin da ya fahimta. In ya saɓa da asali, a sake. Allah ya saka wa Hajiya shugaba da alheri, ita ta ɗauki nauyin abincin ranar daga aljihunta.

Yanzu ga tambayar da ake ta tare ni da ita a hanya: ina ƙamus ɗin da aka ce za a buga? Ba a buga ba, kuma ba sakaci ba ne. Sashen ciki da haihuwa bai kammala ba, domin ungozomomin da za su duba shi damina ta riƙe su, kowa ya san yadda zazzaɓin cizon sauro ke cika asibiti daga Agusta zuwa Oktoba. Ba zan kai wa mai bugu kalmar da ma'aikacin lafiya bai sa mata hannu ba. Sannan kuɗi. Jika ɗaya ce a wata, mu muka yanka wa kanmu, amma waɗanda suka biya shekara cikakkiya ba su kai rabi ba. Ni da ma'aji mun kira, mun aika saƙo, mun taka har gida. Abin da ya shigo a takarda da tawada ya ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasu da ba sa zuwa taro suna karɓar aiki da sunan ƙungiya, suna fassara da tsohon kwafi. A watan jiya na ga takarda da hatiminmu, an rubuta "shawara" a wurin ciwon hanta nau'in B. Kwafi ɗaya ne ingantacce, yana hannun mai kula da ƙamus, da kwanan wata a samansa. Mai son canza kalma ya kawo ta taro.

Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taron wata mai kamawa. A taron ne za a raba sauran kalmomin sashen haihuwa, goma-goma ga kowane mutum biyu.

Sakatare, Maraɗi