Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Magatakardan Jami'armu Kan Jarrabawar da Rashin Lafiya Ya Hana Ni Rubutawa

Nima, Akra
21 ga Yuli, 2025

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen nazarin tattalin arziki na wannan jami'a, kuma na rubuto ne a kan jarrabawar darasin ƙididdiga wadda aka yi ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, da ƙarfe tara na safe, lokacin da nake kwance a gadon asibiti ana yi mini ƙarin ruwa. Na riga na rubuta wa ofishinka sau biyu ta hanyar da aka tsara, ban sami amsa ba sai ta baki daga ma'aikacin da ke bakin taga, shi ya sa na fito da maganar fili, da Hausa, domin iyayenmu na zango da ke biyan kuɗin makaranta su ma su san yadda abin yake. Ban ambaci sunan jami'ar ko na wani ma'aikaci ba, domin ba tozarta kowa nake nema ba. Lambata da kwafin takarduna suna cikin fayil ɗin da ke ofishinka.

Zazzaɓin ya fara ne ranar Lahadi, 11 ga wata, kuma duk wanda ya zauna a Nima da damina ya san yadda sauro ke yi mana idan ruwa ya kwanta a kwata. Na sha farasitamol na je na rubuta jarrabawar ranar Litinin da rawar sanyi a jikina, ina zaton abin zai sauka. A daren Talata amai ya hana ni riƙe ko ruwa a ciki, har na daina gane mutanen da ke ɗakin, sai Yayana ya nemo tasi aka kai ni asibitin gwamnati mafi kusa da mu. An gwada jinina aka ga zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, aka ba ni gado, aka fara yi mini allurar atesunat ta jijiya: ta farko a daren, ta biyu bayan awa 12, ta uku bayan awa 24. Ranka ya daɗe, idan ka lissafa za ka ga allura ta biyu ta faɗo ne a safiyar Larabar, kusan daidai lokacin da ake raba wa abokan karatuna takardar tambayoyi. Ba a sallame ni ba sai ranar Asabar, 17 ga wata, da ƙwayoyin da zan sha na kwana uku a gida.

Littafin ƙa'idojin ɗalibai da kuka ba mu ya ce wanda rashin lafiya ya hana shi jarrabawa ya kai rahoton likita cikin ranakun aiki biyar, kuma idan ba a asibitin jami'a aka duba shi ba, sai likitan jami'a ya sa hannu ya tabbatar da rahoton. Ban ƙi wannan ƙa'ida ba. Na san akwai masu sayen takardar asibiti idan ba su yi karatu ba, kuma jami'ar da ba ta tantancewa ta zubar da darajar shahadar da take bayarwa. Ƙorafina shi ne na bi ƙa'idar iyakar yadda mutum zai iya binta, ƙofofinku ne suka ci ranakun, sannan aka ɗora mini laifin makara.

Ranakun aiki biyar daga ranar jarrabawar sun ƙare ne ranar Laraba, 21 ga Mayu. Tun ranar Juma'a, 16 ga wata, ina kwance, Yayana ya rufe shagon ɗinkinsa ya hau motocin haya na torotoro biyu ya kai wa sashenmu takardar da likita ya rubuta cewa an kwantar da ni. Ma'aikaciyar da ya samu ta karɓa ta ce, “To, Allah ya ba ta lafiya, ajiye nan,” ta nuna masa wani kwando a gefen tebur. Ba ta buga hatimi ba, ba ta ba shi shaidar karɓa ba, shi kuma bai san ana neman irin wannan ba, domin bai taɓa shiga ofishin jami'a ba sai ranar. Allah ya sa ya ɗauki hoton takardar a cikin kwandon domin ya nuna wa Inna cewa ya isar da saƙo, kuma hoton yana nan a wayarsa da ranarsa da lokacinsa.

Ranar Litinin, 19 ga wata, na zo da kaina da cikakken rahoto, ina tafiya ina dafa bango. A sashe aka ce ba nan ake kaiwa ba, ofishin jarrabawa ne. A ofishin jarrabawa aka ce ba za a karɓa ba sai da sa hannun likitan jami'a. A asibitin jami'a kuma ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa likitan da ke tabbatar da rahoton waje ranar Alhamis kaɗai yake zama don wannan aiki. Na roƙi a rubuta cewa na zo ranar Litinin, aka ce babu littafin da ake rubuta hakan. Na dawo ranar Alhamis, 22 ga wata, likita ya duba sakamakon gwajin jini da takardar sallama, ya sa hannu cikin minti biyar ba tare da wata tantama ba, na kai ofishin jarrabawa kafin azahar. Nan aka ce mini wa'adi ya wuce da kwana ɗaya. Ina so a gaya mini, ranka ya daɗe, wace hanya ce ɗalibin da aka sallama ranar Asabar zai bi ya sami sa hannun da ake bayarwa ranar Alhamis kaɗai, ya kuma kai shi kafin Laraba ta ƙare?

Da sakamako ya fito bayan Babbar Sallah, sai na ga F a gaban darasin, wato an lissafa ni cikin waɗanda suka ƙi zuwa ba da uzuri ba, maimakon I da ake sa wa wanda bai kammala ba saboda dalili karɓaɓɓe. Maki 24 cikin 30 da na samu a gwaje-gwaje da aikin gida na tsawon zango duk sun bi ruwa. Ma'aikacin bakin taga ya ce kada in damu, in biya sidi 250 in shiga jarrabawar maimaici ta watan Agusta. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma a nan ne ainihin cutar take, kuma a nan nake roƙon ka tsaya ka duba da kyau, domin maimaici da jinkirtacciyar jarrabawa ba abu ɗaya ba ne, ko da a ɗaki ɗaya da rana ɗaya aka rubuta su. Wanda aka jinkirta masa, zamansa na farko ne, ana haɗa masa makin aikin zango, abin da ya ci shi ake rubutawa. Wanda ya maimaita kuwa, a tsarinku, faɗuwar tana nan a takardar sakamako, kuma ana lissafa zaman biyu duka a matsakaicin makinsa.

Ga yadda lissafin ya kasance a kaina. Ban da wannan darasi, na yi darussa masu nauyi 123 na tara maki 445, wanda ya ba ni matsakaicin 3.62, alhali kuwa daraja ta ɗaya tana farawa ne daga 3.60. Darasin ƙididdiga nauyinsa 3 ne. Da aka sa mini F, nauyin ya zama 126 amma makin bai ƙaru ba, sai matsakaicin ya sauko 3.53. Idan na maimaita na ci A, wanda babu abin da ya fi shi, makin zai zama 457 a kan nauyi 129, wato 3.54 ke nan, domin sifilin nan yana nan yana jan sauran ƙasa. Amma idan aka ɗauke shi a matsayin zama na farko, ko B na ci zan tsaya a 3.60. Shekara uku da rabi ina tara wannan maki, da kuɗin kokon da Inna ke tashi tun kafin asuba ta dama, kuma da shi nake sa ran neman tallafin karatun digiri na biyu bayan na gama hidimar ƙasa. Da faɗuwa na yi a ɗakin jarrabawa da na haƙura na biya kuɗin maimaici, amma ko takardar tambayoyin ban gani ba.

Ba ina neman a yarda da maganata kawai ba ne. Rahoton yana ɗauke da sunan likitan da ya duba ni, da hatimin asibitin, da lambar fayil ɗina, kuma Majalisar Likitoci ta Ghana tana da rajistar duk likitan da aka ba izinin aiki, saboda haka tabbatar da shi bai wuce kiran waya ɗaya ba. Katin inshorar lafiyata ma an yi amfani da shi a ranar da aka kwantar da ni. Fiye da haka, likitanku da kansa ya riga ya sa hannu, wanda ke nufin jami'a ta amince cewa ba ni da lafiya ranar 14 ga Mayu. Abin da ya rage ana jayayya a kai shi ne ranar da takarda ta isa, kuma ta isa hannun ma'aikaciyarku tun 16 ga wata, kwana biyu bayan jarrabawar.

Don haka ina roƙon ka miƙa wannan batu ga kwamitin jarrabawa na tsangaya kafin a rufe rajistar watan Agusta, a ɗauki ranar 16 ga Mayu a matsayin ranar da na sanar, a cire F a mayar da ita I, a ba ni damar rubuta darasin a matsayin zama na farko tare da makina 24, ba tare da kuɗin maimaici ba. Ban damu da a sabunta tambayoyin ko a tsananta sa ido ba, a shirye nake in zauna duk ranar da aka sa. Idan kuma kwamitin ya ga ba zai amince ba, ina roƙon a ba ni amsar a rubuce tare da sashen ƙa'idar da aka dogara da shi, domin in san inda zan ɗaukaka ƙara. Zan so kuma a ajiye littafi da hatimi a teburin kowane sashe, a riƙa ba wanda ya kawo takardar rashin lafiya shaidar karɓa, a kuma fara ƙirga ranaku biyar ɗin daga ranar sallama, tunda a ranar da na je asibitin jami'a mu huɗu ne a kan benci muna jiran sa hannu ɗaya, kuma biyu daga cikinmu wa'adinsu ya riga ya wuce.

Ana rufe rajistar maimaici ranar Juma'a, 1 ga Agusta. Ban biya ba tukuna, domin an gaya mini cewa biyan yana nufin na amince da F ɗin, kuma zan zo ofishinka ranar Litinin mai zuwa da asalin takardun da wayar Yayana, ko da za a buƙaci ganinsu.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarku,
daga Nima, Akra