Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan lodin motocin haya da zaman yara a gidan gaba

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu iyaye ne daga Birni, Zango, Sabon Gari da Garin Malam, tare da wasu direbobin haya da suka yarda su sa hannu. Kukanmu a kan yadda ake loda motoci ne a tashoshin Zinder, musamman masu zuwa Magariya, Matamai, Mirriya da Tanut. Yawancin ɓarnar da ake kwasowa a hanya zuwa babban asibiti, tun a tasha ake ƙulla ta, kuma a tasha ne za a iya tare ta.

Ga misali, ranka ya daɗe. Motar Hiyas, abin da aka ƙera ta ta ɗauka, mutane da kaya duka, bai wuce tan guda da 'yan kai ba. Idan aka zuba mata fasinja 19, ko da kowane kilo 60 ne, an kai kilo 1,140. Ke nan ta cika tun ba a sa ko ƙunshi ba. Amma ranar Alhamis, da an tashi daga kasuwar Dole, sai a ɗora buhun hatsi goma a kanta, kowane kilo 100, a ƙara babur da akuya a ɗaure. An ninka mata nauyi, kuma a sama aka jibga shi. Motar da kanta ya fi gindinta nauyi, da direba ya kauce wa rami ko jaki sai ta kwanta. Birki ba ya kama ta da wuri. Tayar baya kuma, wadda galibi ta hannu ce, tana zafi har ta fashe, balle a watan Afrilu da Mayu da kwalta ke ƙuna. Gane wannan ba ya buƙatar sikeli: bayan motar ya durƙushe, cikin taya ya baje, fitilun gaba na kallon sama.

Abin da ya fi hana mu barci shi ne yara. Ba a biya wa ƙaramin yaro kujera, don haka a cinya yake tafiya, sau da yawa a gidan gaba, inda an riga an cusa manya biyu a kujerar mutum ɗaya. Uwa tana ganin ta riƙe shi gam. Idan mota mai gudun kilomita 50 a awa ta daki abu ta tsaya cak, yaro mai kilo 10 zai fizge daga hannunta da ƙarfin da ya kai wajen kilo 200. Babu uwar da ke da wannan hannu. Idan ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi da gaban motar. Idan kuma ta zagaye kansu biyu da bel guda, nauyinta zai matse cikin yaron. Ƙananan motocin da ake shigowa da su daga Kwatano da yawa suna da jakar iska a gaba, wadda idan ta buɗe kan yaro take fara bugu.

Shi kansa bel ɗin, a motoci da yawa an tura shi ƙarƙashin rigar kujera, ko an maƙale shi ta baya don ƙarar gargaɗi ta yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na rage haɗarin mutuwar na gidan gaba da kusan rabi.

Mun san kujerar jarirai ta mota tana da tsada, kuma ba a ko'ina ake samunta ba. Mun san direba na fama da kuɗin mai da na mai mota. Shi ya sa muka taƙaita roƙonmu ga abin da za a iya farawa gobe.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira shugabannin sandikan direbobi, da hukumar birni, da 'yan sanda da jandarmomi, a zauna a fada a tsaida magana. Kada mota ta bar tasha da mutane fiye da kujerun da ke rubuce a takardarta, kuma kamashon da ya yi lodi ya ɗauki laifi tare da direba. Gidan gaba ya zama kujera ɗaya, mutum ɗaya, bel ɗaya mai aiki, ba yaro ko ɗaya. Mace mai goyo a zaunar da ita a layin tsakiya, nesa da ƙofa. Buhuna masu nauyi su bi motar kaya, saman motar fasinja ya zama na jakunkuna da tabarmi.

Muna kuma roƙon a umarci masu unguwanni da limaman Juma'a su isar da wannan ga jama'a, domin fasinja da kansa ne ke roƙon a matsa masa wuri idan mota ta cika. A shirye muke mu ba da wakilai biyu daga kowace unguwa ranar da Sarki ya sa.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara masa lafiya.

Mu ne talakawanka,
Iyaye da direbobin haya na birnin Zinder