Wasiƙa zuwa ga 'yata: saƙon ranar haihuwa ga ƙawar da ke cikin rashi

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya kuma ƙarin haƙurinmu. Na ga saƙonki, inda kika ce ranar Alhamis mai zuwa ƙawarki za ta cika shekara 26, ga shi kuma yau kwana 12 da rasuwar mahaifiyarta, kin rasa abin da za ki rubuta mata. Kin ce in kin yi shiru kamar kin manta da ita, in kin taya ta murna kuma kamar ba ki san halin da take ciki ba. Allah ya jiƙan baiwar Allah, ya sa ta huta. Shawarata ita ce kada ki yi shiru. Amma saƙon bana ba irin na bara ba ne, bari in warware miki yadda za ki tsara shi.

Fara da ƙirga kwanaki, domin su ke nuna abin da ya dace a faɗa. Da a ce ranar ta faɗo cikin kwana ukun zaman makoki, da na ce kada ki ambaci haihuwa sam, ki je ki zauna kusa da ita a tabarma, ki tsaya a kan ta'aziyya kawai. Daga uku zuwa bakwai ma gida yana cike da baƙi, wayarta ba ta hutawa, duk abin da kika rubuta zai nutse cikin saƙonni ɗari. Ita kuwa ranar Alhamis za ta kasance tsakanin bakwai da arba'in, kuma wannan tsakanin ya fi kowane nauyi. 'Yan nesa sun koma garuruwansu, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta tukwanensu, masu kira sun ragu. A lokacin ne mutum yake fara jin shirun gidan. Saboda haka saƙonki zai same ta a sa'ar da take buƙatarsa.

Ki kuma tuna wace ce ta rasu. Ranar haihuwar mutum ranar uwarsa ce kafin ta zama tasa, ita ta yi naƙudar, ita ta fi kowa riƙe kwanan watan. Kin ce duk shekara mahaifiyarta ce ke fara kiranta da asuba ta sa mata albarka. To ranar Alhamis za ta farka, wayar ba za ta yi ƙara ba. Da wannan za ta wayi gari ko kin ambata ko ba ki ambata ba. Mutane da yawa suna gudun kiran sunan mamaci wai kada su tayar wa mai rashi da mikin, alhali mikin bai kwanta ba balle a tayar da shi. Abin da ya fi ƙona rai shi ne mutum ya ga kowa yana ta fatan alheri kamar uwar tasa ba ta taɓa wanzuwa ba. Don haka marigayiyar ce za ta shiga saƙon kafin maganar shekaru.

Saƙon kada ya wuce layi biyar ko shida. Ki buɗe da gaisuwar da muka saba, ya haƙuri. Sai ki nuna kin san ranar, kin kuma san bana ta zo da nauyi. Sai addu'a ga marigayiyar, ki kira ta da sunan da ƙawarki ke kiranta, Mama ko Umma ko Inna, kada ki ce "mamaciyar". Bayan nan ne addu'ar shekaru za ta zo, a taƙaice. Ki rufe da abu guda da za ki yi mata, tare da sauke mata nauyin amsawa. Ga misali, amma ki sa shi a bakinki:

"'Yar uwata, ya ƙarin haƙuri? Na san yau ranarki ce, na kuma san bana ta zo babu kiran Umma. Allah ya jiƙanta da rahama, ya saka mata da Aljanna kan wahalar da ta sha a kanki. Ke kuma Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, ya sa ki daɗe kina yi mata addu'a. Zan shigo bayan la'asar da abincin dare, kada ki ɗora tukunya. Ba sai kin amsa ba."

Duba yadda addu'ar tsawon rai ta jingina da uwar. Idan kika ce "Allah ya ja kwana" kika tsaya, wadda ta binne uwarta makonni biyu da suka wuce tana iya jin abin wani iri, don a yanzu tsawon kwana ba shi ne a ranta ba. Amma idan kika ɗaura shi da addu'a, kin ba shekarun nata aiki. Ta san hadisin da ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ba sai kin kawo mata hadisin ba, ba wa'azi kika je yi ba. Layin nan ɗaya ya isa ya tuna mata.

Idan kina da wani abin kirki da kika sani game da marigayiyar, ki ƙara shi a layi guda, amma ya zama takamaimai. "Mutuniyar kirki ce" kowa ya faɗa a zaman makoki. In kuwa kika ce kina tuna yadda ba ta bari ku fita gidan sai kun ci abinci, kin ba ƙawarki abin da za ta koma ta sake karantawa.

Kalmar "murna" ki ajiye ta sai baɗi. Haka hotunan kek da balan-balan da fuskokin dariya da ake liƙawa a saƙo. Kada ki tura saƙon da kika kwafo daga wani wuri, domin in kika tura shi kai tsaye daga wata hira WhatsApp yana sa alamar `Forwarded` a kansa, ko babu alamar ma ana gane kalaman haya. Akwai kuma maganganun da ake faɗa da kyakkyawar niyya amma suna suka. "Ki daina kuka" yana nuna kamar ta yi laifi, alhali hawaye ba haramun ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi. "Na san yadda kike ji" kada ya fito daga bakinki, tunda ga ni ina rubuto miki. "Ai ta huta da jinya" magana ce da 'ya'yan mamaci za su iya faɗa da kansu, na waje ba ya fara ta. Kada kuma ki tambayi yadda ciwon ya kasance ko abin da likita ya ce, ta maimaita labarin nan har ta gaji.

Na ce ki faɗi abin da za ki yi, saboda "in kina buƙatar wani abu ki gaya min" ba ya aiki a wurinmu. Kunya da kara ba za su bar ta ta ce tana so ba, ko da ba ta ci komai ba tun safe. Ki yanke da kanki, ki sa lokaci. Ki tambayi yawan mutanen da suka rage a gidan wajen ƙanwarta ko wata ta kusa, ki dafa daidai su, don kai kula ɗaya gidan mutum takwas yana jefa ta cikin jin nauyi. Idan nisa ya hana ki zuwa, ki tura mata ɗan abin da ya sawwaƙa ki ce ta yi wa Umma sadaka, wannan za ta karɓa ba tare da jin kunya ba, ba kamar in kin kira shi kyautar ranar haihuwa ba. Da mijinta ne ya rasu, da na ƙara miki da cewa mai takaba tana wata huɗu da kwana goma ba ta ado, don haka babu kai mata turare ko lalle ko kayan kwalliya. A nan ba takaba take ba, amma duk da haka atamfa da sarƙa su jira.

Ki tura saƙon da hantsi, wajen ƙarfe tara ko goma. Al'adarku ta rige-rigen turawa ƙarfe 12 na dare ki bar ta, mai rashi barci yana yi mata wuya, kuma dare ne lokacin da tunani ke yi mata yawa. Ki tura mata ita kaɗai. Kada ki ɗora hotonta a `status` da kiɗa a ƙasa, domin dangin uwarta za su gani, wata gwaggo ta ce ga shi ko arba'in ba a yi ba an fara shagali, laifin kuma a kanta zai sauka, ba a kanki ba. Ki ja kunnen sauran ƙawayenku tun daren Laraba, kada a cika zaurenku na WhatsApp da taya murna har ta ga dole sai ta bi kowa da godiya. Kin kuma san gidaje sun bambanta, akwai waɗanda ba sa bikin ranar haihuwa ko sadakar arba'in saboda fahimtarsu ta addini. In gidansu irin wannan ne, idan kin je kada ki ambaci ranar a gaban manya, ki bar ta tsakaninku.

Rubutu ya fi kira a farko, don kira yana tilasta mata ta gyara murya. In kin fi son saƙon murya, kada ya kai minti ɗaya, kuma ki nutsu kafin ki danna, kada ya zama ita ce za ta koma lallashinki.

Daga amsarta za ki gane mataki na gaba. Idan ta ce "amin, na gode" ta tsaya, saƙon ya isa inda aka aike shi, kada ki ƙara jan magana, ki cika alkawarin la'asar kawai. Idan ta karanta ta yi shiru, ba fushi ba ne, kada ki bi ta da "kin gani kuwa?". Idan ta ce yau ba ta son ganin kowa, ki aika abincin a miƙa a ƙofa, ki ce za ki zo Asabar, ki kuma zo. Idan kuwa ta rubuto doguwar magana a kan Umma, to ƙofa ta buɗe miki, ki kira ta, ki fi ta yin shiru. Wataƙila ma ta ba ki mamaki ta ce tana so ku ɗan fita ta sha iska. Ki raka ta, kada ki nuna mata da fuska cewa bai kamata ba.

Abu ɗaya ne zai sa ki wuce lallashi. In kin je kin tarar ta rame sosai, ba ta ci, ba ta barci, ta daina wanka da fita aiki, ko tana maganar gara ta bi uwarta, kada ki riƙe wannan a matsayin sirrin ƙawance. Ki sanar da babban da take jin maganarsa a gidan a ranar, a kai ta ga likita.

Ki rubuta kwanan arba'in ɗin a wayarki, da ranar Sallah mai zuwa, don su ma za su zo mata da irin wannan nauyin. Idan kin je ranar Alhamis ki isar mata da gaisuwata, ki ce ina ƙara yi musu ta'aziyya, Allah ya albarkaci bayan Umma. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki