Wasiƙa Zuwa ga Malam Habu Kan Bitar Adana Wake

Assalamu alaikum Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da kuma baƙunta. Ga bayanin bitar da ƙungiyarmu ta yi ranar Asabar kana can, don Allah ka karanta wa su Malam Isa su ma, tun da tare kuka yi tafiyar.

Manufar bitar guda ce: bana mu adana wake a buhun leda mai ninki 3, wanda ake kira PICS, ba tare da mun jefa magani ko mun yi feshi ba. Cikin mutum 40 da aka gayyata, 31 suka zo, 9 daga ciki mata. Malamin gona ne ya jagoranta. Ya tuna mana cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, kuma irin wannan waken muke dafa wa 'ya'yanmu.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo kaya. Macen tana saka ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, kuma idan da zafi, cikin sati 3 zuwa 4 ta zama ƙwaro mai saka nasa ƙwan. Buhun ba guba ke gare shi ba, iska yake tsarewa. Ledoji 2 ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Saboda haka rami ko kamar na allura ya isa ya ɓata aikin.

An fi daɗewa a kan bushewa, don nan ne wasu suke yin kuskure. Leda ba ta busar da wake. Idan ka rufe shi da danshi zai yi gumi, ya yi fumfuna, ya sauya launi. Ana so danshinsa kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Ba mu da na'urar awo, sai aka gwada da kwalba busasshiya: a zuba wake kaɗan da cokali 2 na busasshen gishiri, a toshe, a girgiza, a ajiye kamar minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da waken rana. Cizawa da haƙori ma tana taimakawa, busasshe yakan fashe da ƙara, amma ni na fi yarda da kwalbar. Kuma kada a ɗebo wake da zafin rana a zuba, a bar shi ya huce a inuwa.

Kafin zubawa, a sheƙe waken a tsince kara da tsakuwa. A cika kowace leda da iska, a damƙe bakinta a matsa; wadda ta saki iska a liƙe ramin da salatif ko a ajiye ta gefe. Sai a sa leda cikin leda cikin buhu, a zuba a hankali ana jijjigawa. Buhu mai kilo 100 yana cin kimanin tiya 40, kada a yi masa ƙari, a bar wuyan ɗauri. A matse iskar ledar ciki, a murɗe bakin, a lanƙwasa shi, a ɗaure. Sannan ta biyu haka, sannan buhun waje. Kowanne da igiyarsa.

Wani ɗan ƙungiya ya zo da misali. Bara ya ɗaure buhu 10, 8 suka fito lafiya, 2 suka zama gari. Da aka duba ledojin, ɗaya an haɗa bakin ukun an ɗaure da igiya guda, iska tana bi ta cikin tattarar. Ɗayan a jikin bango ya kwana, ɓera ya ɓula gindinsa. Alamar da ya kamata ya lura da ita tun da wuri ita ce ɗumi idan an taɓa buhun, da ƙwari masu motsi a wuyan leda bayan wata guda da ɗaurewa.

An yi 'yar jayayya kan tsadar buhun. Aka tsaya kan cewa yana iya yin shekara 3 idan ba a sa masa wuƙa ko ƙugiya ba, don haka za a haɗa kuɗi a sayo a sari. An kuma amince a ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, kuma babu mai buɗe nasa don ɗibar na abinci. Waken ci a ware shi daban.

Abin da ya rage gare ku: kowa ya aiko wa ma'aji adadin buhun da yake so kafin Juma'a mai zuwa. Mutum 3 za su zaga rumbuna bayan wata guda da ɗauri su duba. Na sa maka buhu 5 a rubuce, idan ka fi son fiye da haka ka sanar da ni kafin a rufe lissafi.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Garba